Idan atamfar da ake nema ta ƙare: abin da za ki faɗa, da ranar da za ki yanka

Tambaya: Assalamu alaikum Hajiya. Wata huɗu ke nan ina zaman shagon atamfar gwaggona a kasuwar Kejetiya ta Kumasi. Ta hana ni cewa "babu". Ta ce duk wanda ya nemi abin da ya ƙare in ce masa gobe zai iso. Yanzu akwai mata biyu da in na hango su sai gabana ya faɗi, don goben ta ƙi zuwa. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Gwaggonki ba ta yi kuskure gaba ɗaya ba. Abin da take gudu shi ne "babu" ɗin nan busasshe da yaran shago suke jefa wa mutum, ido na kan waya, ko ɗagowa ba su yi ba. Wannan kam korar mai saye ne. Amma maganin da ta ba ki ya fi cutar zafi, domin wadda aka ce wa babu takan je wani layi ta dawo wata rana, wadda kuwa aka ce wa gobe ta biya kuɗin mota daga Aboabo ko Asawase har sau biyu, ta kutsa cunkoson Kejetiya a banza, ba ta dawowa, kuma sai ta faɗa wa matan gidansu. Na haura shekara 20 ina sayar da atamfa da leshi a garin nan, kuma ban taɓa rasa mai saye don na ce kaya ya ƙare ba. Waɗanda na rasa, a kan rana na rasa su.

Kafin ki buɗe baki, ki san wace irin ƙarewa ce, don ba ɗaya ba ne. Akwai wadda ta ƙare a kan kanta amma tana sito, ko tana wajen maƙwabciya a layi ɗaya. Wannan ta minti goma ce: ki ba mai saye kujera da ruwa, ki aika. Akwai wadda ta ƙare a Kumasi amma mai sarinku a kasuwar Makola ta Ankara, babban birnin Gana, yana da ita a hannu, wannan ta kwanaki ce, kuma ita kaɗai ce ake iya yanka wa rana. Akwai kuma wadda babu ita a hannun kowa, sai an sake bugawa a masaƙa ko sai jirgin ruwa ya iso. Wannan ba ta da rana, ko wa ya ce miki tana da ita. Yawancin rigimar shago daga nan take tasowa: a ɗauki ƙarewa ta uku a yi mata alkawarin ta biyu.

Maganar farko ki yi ta a sarari, ki kuma haɗa ta da tambaya a numfashi ɗaya. "Inna, wannan zanen ya ƙare mana tun ranar Juma'a. Na yaushe ne kike bukata, kuma turmi nawa?" Kin ga ba ki yi ƙarya ba, ba ki kuma rufe ƙofa ba. Kada ki yi ta juya kaya kina nema alhali kin san babu, mai saye tana ganewa. Kada kuma ki soma da jero mata wasu zannuwan kafin ki ji abin da za a yi da shi. Wadda za ta ɗinka don kanta, da sauƙi ta karɓi wani. Wadda ke neman anko ba za ta iya ba. Matar Asante da ta zo ranar Alhamis tana neman baƙi da ja na jana'izar da za a yi ranar Asabar, ita ba ruwanta da Litinin ɗinki, kuma ba za ki miƙa mata fari da baƙi ki ce ai duk ɗaya ne ba, don kowane da wurin da ake sa shi. Irin wannan, in babu a layinku, ki nuna mata shagon da kika san akwai. Cinikin yau ya wuce ki, amma za ta tuna wadda ta taimake ta.

Bari in ba ki misali da abin da ya faru a shagona, don a nan ne za ki ga yadda ake ƙirga ranar.

Wata uwar amarya daga Sabon Zango ta sayi turmi 18 na wani zane mai shuɗi da ruwan goro, na anko. In na ce turmi, mai yadi 6 nake nufi, wanda 'yan kasuwar nan suke kira hafpis. Bayan mako uku, ranar wata Talata, ta dawo tana son ƙarin 12, don dangin ango sun ce su ma za su shiga. Ni kuwa 5 suka rage mini. Bikin ranar Lahadi ne, kamar yawancin bukukuwan zango, saura kwana 19.

Da na ji 19 ban ce akwai lokaci ba. Ranar biki ba ita ce ranar da ake bukatar kaya ba, daga baya ake ƙirgowa. Na tambaye ta tela, ta ce nasu ba ya karɓar ɗinkin biki in bai kai kwana 10 ba. Kwana 19 a cire 10, saura 9. Rabon anko gida-gida, da karɓar kuɗi wajen masu biya, ba ya kasa kwana 2. Saura 7. Wato in kayan bai shiga hannunta ba zuwa Talata mai zuwa, ko ya zo daga baya ba shi da amfani. Wannan ranar ce iyakata, kuma a gabanta na ƙirga, da yatsu, ta ga yadda aka yi.

Sai na kira mai sarina a Ankara, ita tana zaune tana ji. Ban ce masa "kana da mai shuɗin nan?" ba, don mai shuɗi ya fi ɗari. Na karanta masa lambar zanen da ke gefen atamfar. Ki saba da duba gefen nan, 'yata: atamfar kamfani irin su GTP da ATL da Vlisco tana ɗauke da suna da lambar zane a bakin yadin ko a jikin takardar da aka manna, kuma da ita ake magana tsakanin mai sari da mai shago. Tambayoyi uku na yi masa. Yana hannunka yanzu, ko kana jiransa? Turmi nawa ka ƙirga da idonka? Bugu ɗaya ne da wanda ka aiko mini watan jiya? Ya ce akwai 20 a sito, amma sabon zuwa ne.

Kalmar nan "sabon zuwa" ita ce wurin da ƙafa take zamewa. Zane ɗaya, lamba ɗaya, kamfani ɗaya, amma in ba a bugu ɗaya aka yi su ba, launin yakan ɗan sha bamban. Shuɗin wannan ya fi duhu kaɗan, ko ruwan goron wancan ya ɗan ja zuwa ja. A cikin shago, ƙarƙashin ƙwan lantarki, ba za ki gani ba. A hoton waya ma ba za ki gani ba, don kowace waya da irin hasken da take bayarwa. Amma ranar biki, mata 30 su jeru a rana, har yaro zai nuna ya ce na waccan daban ne. Kama da wane ba ta wane. Shi ya sa na ce ya sa mini turmi guda a motar dare in gani tukuna.

Ga yadda lissafin ya tafi. Ya kai turmin tashar mota ta Sakul ranar Laraba da yamma, ya turo mini hoton rasit da lambar direba. Tafiyar Ankara zuwa Kumasi wajen kilomita 250 ce, awa biyar ko shida in hanya ta yi kyau, don haka Alhamis da safe yarona ya karɓo a tashar Asafo. In launi ya yi, in tura kuɗi ta MoMo ranar, ya ɗaure kaya Juma'a, su kwana a hanya, Asabar suna hannuna. To amma ban ce mata Asabar ba. Na ce Litinin da hantsi. Dalili kuwa, Juma'a mai sarin yana iya tafiya masallaci ya makara, mota tana iya lalacewa a Nkawkaw, ana iya barin ƙunshin a tasha don kaya sun yi yawa, Lahadi kuma kasuwa ba ta ci. Kwana biyun da na ƙara ba nawa ba ne, na hanya ne. Kuma Litinin ɗin tana gaban iyakarta da kwana guda. Da lissafin ya nuna Laraba, da na ce mata: "Hajiya, ba zai riske ki ba, mu nemi wata dabara yanzu."

Abin da na faɗa mata ke nan, kusan kalma da kalma: "Hajiya, biyar gare ni, ba su kai ba. Akwai a Ankara amma sabon bugu ne. Alhamis da azahar zan kira ki in faɗa miki ko launin ya dace. In ya dace, Litinin da hantsi ki aiko a karɓa, in sha Allahu. In bai dace ba, a ranar za ki sani, kina da sauran lokaci." Ki lura rana biyu na ba ta: ranar labari da ranar kaya. Ranar labarin tana hannuna ɗari bisa ɗari, don ba ta bukatar komai sai katin waya. Ko kaya bai zo ba, kiran nan ba ya faɗuwa. Kuma "in sha Allahu" a bayan rana tabbatacciya ake sa shi. In kika ce "wani satin in sha Allahu" ba rana ba sa'a, matan zango sun san fassararsa, sun san sallama ce.

Alhamis turmin ya iso. Na fita da shi bakin layi inda rana take, na shimfiɗa shi gefe da gefe da ɗaya daga cikin biyar ɗina. Shuɗin sabon ya fi duhu. Ba sosai ba, amma ido yana kamawa. Na kira ta na faɗa mata haka. Sai na ba ta shawara: kada ta ɗauki biyar ɗina ta cika da bakwai na sabo, don dangin ango za su fito launi biyu. Ta ɗauki 12 duka daga sabon bugu. Dangin amarya 18 nasu iri ɗaya, dangin ango 12 nasu iri ɗaya, kuma da ma ba wuri ɗaya suke zama ba. Ta yarda. Biyar ɗin suka zauna mini a kanta kusan wata biyu ina sayar da su ɗaya-ɗaya. Wata 'yar kasuwar za ta ce na yi wauta, tunda kuɗina ya kwanta. Ni dai na san auren ƙanwar amaryar ma a wajena aka yi ankonsa. Kayan kuwa Asabar da yamma suka iso, na kira ta a ranar, ta ji kamar na yi mata kyautar kwana biyu.

Yanzu kuɗin kafin alƙalami. Ban karɓi ko pesuwa ba ranar Talata, sai ranar Alhamis da na ga kaya da idona ta kuma amince. Ƙa'idata ke nan: ba na karɓar kuɗi a kan abin da ban tabbatar yana hannun wani ba. In kin karɓa, ki rubuta a littafi ki kuma ba ta rasit: lambar zane, turmi nawa, nawa ta bayar, nawa ya rage, ranar karɓa, da cewa in ranar ta wuce kuɗinta na nan cif in tana so. Ki rubuta farashin ma, ki faɗa mata ko ya tsaya ko bai tsaya ba. Wanda ya yi kasuwa a ƙasar nan a 2022, lokacin da sidi yake faɗuwa har mai sari ya ba ki farashi da safe ya canza da yamma, ya san dalilin. In mai sarin ya riƙe miki farashi na kwana uku, ke ma na kwana uku za ki riƙe wa mai saye, kada ki ƙara ko yini. Kuma kuɗin nan amana ne, kada a zuba shi cikin cinikin yini a sari wani kaya da shi, ranar da aka zo karɓa a shiga kame-kame.

Sai ƙarewa ta uku, wadda na ce ba ta da rana. Za ki ji masu sari suna cewa "kaya na kan ruwa", ko "kwantena ta iso Tema", ko "yana Lome, gobe za a tsallako da shi Aflawo". Duk waɗannan labari ne, ba rana ba. Kayan da aka ɗoro daga Sin yakan yi fiye da wata a teku, kuma isowarsa Tema ba shi ne fitowarsa ba: akwai takardu, akwai kuɗin kwastan, akwai bincike, kuma wanda ya kawo kayan yana iya rasa kuɗin fitarwa a makon. A farkon shekara kuma, wajen ƙarshen Janairu zuwa Fabrairu, masana'antun Sin suna rufewa don bikin sabuwar shekararsu, sai komai ya ja baya. Zanen da aka daina bugawa kuwa, ko shekara za ki jira ba zai zo ba.

Ni ma na taɓa cin wannan tuwon. Ana saura mako uku ƙaramar Salla, wani mai sari ya rantse mini leshin da nake jira ya iso tashar jirgi, kwana huɗu ya fito. Na ɗauki maganarsa na mayar tawa, na karɓi kuɗin mata shida. Leshin bai shigo shagona ba sai bayan Salla da kwana tara. Kafin nan teloli sun daina karɓar ɗinki, na mayar da kuɗi ina ba da haƙuri, ɗaya daga cikinsu har yau in mun haɗu a wajen suna gaisuwa ce kawai. Ban ga laifinta ba. Ba shi ya yi mata alkawari ba, ni ce. Tun daga ranar, in kaya bai shiga siton wani da zan iya kira ya ƙirga mini ba, abin da nake cewa shi ne: "Ana sa ran zuwansa, amma ba zan yanka miki rana ba don ba a hannuna yake ba. Ki bar mini lamba, ranar da ya shigo zan kira ki. In na gaggawa ne, kada ki jira ni."

Game da miƙa wani a madadin wanda ya ƙare, kada ki sauke rabin shago. Biyu, in ya yi yawa uku, kuma ki zaɓe su bisa abin da ta faɗa miki. In launi ne ya ja ta, ki kawo mai launin. In kuɗin ne daidai aljihunta, kada ki kawo wanda ya ninka shi sai kin faɗa tun kafin ta taɓa. Ki faɗi bambancin da bakinki kafin ta gano da kanta: wannan ya fi wancan sauƙin kuɗi amma bai kai shi nauyi ba, wannan bugun masaƙar Tema ne, wancan kuwa na Sin ne mai irin zanen. Abin da ba a yi shi ne a miƙa kwaikwayo a ce asali ne don na asalin ya ƙare. Wanki biyu zai tona, kuma sunan shagon gwaggonki ne zai zuba tare da launin. In kin ɗauko daga maƙwabciya, ba dole ki ba da tarihi ba, amma in ta tambaya kada ki ce daga sitonku ne, don in aka samu matsala aka dawo da shi, sai kin san yadda za ki yi da mai shi.

Matan nan biyu da kike gudu, kada ki jira su sake zuwa. Yau ki sa gwaggo ta kira mai sarinta, ko ki nemi izini ki kira, ki yi masa tambayoyin nan uku. In kuna da lambarsu ki kira su kafin la'asar. Ki ce: "Inna, na ce miki gobe, ban tabbatar ba na faɗa, ki yafe ni. Ga gaskiyar inda kayan yake." Sannan ki ba su rana in akwai, in babu ki ce babu, ki ambaci abin da kuke da shi kusa da shi, in sun ba da kuɗi ki ce yana nan. Za su yi faɗa, ki saurara kada ki katse su.

Ita kuwa gwaggo, kada ki je mata da "Hajiya ta ce kin yi kuskure", ba a yi wa babba haka, kuma shagonta ne. Ki sayi ƙaramin littafi, ki riƙa rubuta duk zanen da aka nema aka rasa: lambarsa, turmi nawa, na yaushe, da lambar wayar mai nema. Bayan mako biyu, da yamma in kuna ƙirga ciniki, ki buɗe mata ki ce: "Gwaggo, wannan zanen mutum bakwai suka tambaya, uku sun bar lamba, in kin tashi sari a sa shi a gaba." Daga nan sai ki roƙe ta abu ɗaya, ta riƙa faɗa miki ranar da take aika kuɗi Ankara da ranar da kaya suka saba isowa, don ki san abin da za ki ce wa mutane.